Wane Katako Ke Ɗauke da Rufin, Wane Ke Hutawa?

Kafin a buga kwano, rufin gida yakan tsaya tsirara a kan bango, katakai sun haɗu alwatika bayan alwatika. Wanda ya ɗaga kai ya kalle su zai ɗauka duk aiki ɗaya suke yi, kowanne na tallafe da rabonsa na nauyi. Ba haka abin yake ba. A cikin wannan ƙwarangwal, wanda injiniyoyi ke kira tiros, akwai katakon da ake dannawa daga kai da gindi, akwai wanda ake ja kamar za a tsinka shi, akwai kuma wanda a wannan ranar babu abin da yake ɗauke da shi ko kaɗan. Ido ba ya bambance su. Fensir da takarda kuwa suna iyawa, ta wata hanya da ake koya wa ɗaliban injiniya tun farkon karatunsu, wato bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. Wani Ba'amurke mai gina gadoji, Squire Whipple, ya bayyana irin wannan lissafi a littafinsa na 1847, kuma har yau bai wuce tarawa, ɗebewa, ninkawa da rabawa ba.

Tushen hanyar magana ɗaya ce. Idan rufi na tsaye bai motsa ba, to kowace mahaɗa a cikinsa, wato kowane wurin da katakai suka haɗu, ita ma tana tsaye. Mahaɗar da ba ta motsi kuwa dole ƙarfin da ke tura ta sama ya yi daidai da mai tura ta ƙasa, mai tura ta dama ya yi daidai da mai tura ta hagu. A littattafai ana rubuta wannan ΣFy = 0 da ΣFx = 0. Sharuɗɗa biyu ke nan, don haka a kowace mahaɗa abu biyu kacal za a iya ganowa. Dabarar duka ita ce a nemi mahaɗar da katakan da ba a san ƙarfinsu ba ba su wuce biyu ba, a warware ta, amsarta ta buɗe ta kusa da ita.

Akwai abubuwan da ake ɗauka tun farko domin lissafin ya yi sauƙi. Ana ɗauka katakan miƙaƙƙu ne, kuma a ƙarshensu kawai aka haɗa su, haɗin da ke barin su su ɗan juya. Ana ɗauka duk wani nauyi a kan mahaɗa yake sauka, ba a tsakiyar katako ba. Idan haka ta tabbata, kowane katako ɗayan biyu yake yi, ko ana jan sa ko ana danna shi, kuma ƙarfin yana bin tsawonsa ne kai tsaye. Rufin gaske mai ƙusoshi da faranti bai cika waɗannan sharuɗɗa ɗari bisa ɗari ba, amma yana kusa da su kusancin da ya isa a dogara da amsar.

Rufin da za mu lissafa

Yana da kyau mai karatu ya zana wannan a takarda. Ɗaki ne mai faɗin mita 8 daga bango zuwa bango. A ja layi kwance, shi ne katakon ƙasa da kafintoci ke kira tayi-bim. A sa wa ƙarshensa na hagu suna A, na dama E. A raba shi gida huɗu, mita bibbiyu, a sa wa wuraren rabon F, G da H daga hagu zuwa dama, G ce tsakiya. Daga G a tayar da layi tsaye mai mita 3 zuwa ƙololuwa, a kira ta C. Wannan tsayayyen shi ne kin-fos. Daga C rafta biyu sun gangaro zuwa A da E. Tsakiyar raftan hagu B ce, tana saitin F, tsakiyar na dama D ce, tana saitin H. Sai a haɗa B da F, D da H da gajerun katakai tsaye, a kuma haɗa B da G, D da G da katakai a karkace. Wannan fasali shi ne wanda ake jingina wa William Howe, wanda ya yi rajistar irinsa domin gadoji a Amurka a 1840.

Na zaɓi waɗannan awo ne da gangan. Rabin faɗin 4 ne, tsayin 3, saboda haka rafta 5 ne, wato alwatikar nan ta 3, 4, 5 da magina ke fitar da kusurwar gini da ita. Amfaninta a nan shi ne, duk ƙarfin da ya bi rafta, kashi 3 cikin 5 nasa, wato 0.6, yana aiki ne a tsaye, kashi 4 cikin 5 kuma, wato 0.8, yana aiki a kwance. Katakan karkace BG da DG ma gangara ɗaya suke da ita da rafta, don haka lambobin nan biyu sun ishe mu har ƙarshe.

Kafin a fara, ana ƙirga. Katakai 13 ne idan aka ɗauki kowane yanki tsakanin mahaɗa biyu a matsayin guda. Mahaɗai 8 ne. Bango na ba da tallafi iri uku: biyu a tsaye, ɗaya a kowane gefe, da ɗaya a kwance mai hana tiros zamewa. Ƙa'idar ita ce m + r = 2j, wato yawan katakai da yawan tallafi su yi daidai da ninki biyu na yawan mahaɗai. A nan 13 da 3 sun ba da 16, 8 sau biyu ma 16, abin ya dace. Da katakan sun gaza haka, da tiros ɗin zai iya lanƙwashewa a mahaɗansa. Da sun wuce, da zai iya tsayawa lafiya, amma wannan hanyar ita kaɗai ba za ta warware shi ba. Ƙirgar kuma ba ta wadatar ba sai an duba zanen an ga ko'ina alwatika ce, domin ana iya tara katakai a gefe ɗaya a bar murabba'i buɗe a ɗaya gefen.

Ana auna ƙarfi da kilonutan, ana rubuta shi kN. Kilonutan ɗaya ya kai nauyin kusan kilo 100, wato buhun siminti biyu. Mu ɗauka nauyin kwano, katako da ma'aikacin da zai hau gyara, rabon wannan tiros ɗin daga cikinsu kN 12 ne. Wannan adadi na misali ne, na gaske ya danganta da irin kwanon da tazarar da ke tsakanin tiros da tiros. Mahaɗai B, C da D kowace ta ɗauki kN 3. A da E, da yake a baki suke, kowace ta ɗauki rabi, kN 1.5. Tunda hagu da dama iri ɗaya ne, kowane bango na tura kN 6 sama.

Daga bango zuwa ƙololuwa

Mahaɗa A ce wurin farawa, saboda katakai biyu kawai suka haɗu a can, rafta AB da tayi-bim AF. Bango na tura 6 sama, nauyin 1.5 na danna ƙasa, saura 4.5 na turawa sama. Dole wani abu ya danne wannan 4.5. AF a kwance yake, ba shi da hannu a abin da ke tsaye, saboda haka aikin na rafta ne shi kaɗai. Rafta kuwa kashi 0.6 na ƙarfinsa ne ke aiki a tsaye, don haka ƙarfinsa 4.5 a raba da 0.6, wato kN 7.5. Yana tura mahaɗar ne ƙasa, kuma katakon da ke tura mahaɗarsa katako ne da ake dannawa.

Amma rafta ba ƙasa kawai yake turawa ba. Kashi 0.8 na 7.5, wato kN 6, yana tura A waje, yana neman ture kan bango. Abin da ya hana haka shi ne AF, wanda ke janyo mahaɗar ciki da kN 6 daidai. Tayi-bim ke nan yana cikin ja, kuma wannan lamba ita ce nake so kowane mai gini ya riƙe. Katakon da mutane da yawa ke ɗauka na rataya silin ne kawai, shi ne ya ɗaure ƙafafun rafta biyu, da ja mai nauyin buhun siminti goma sha biyu.

Sai F. Katakai uku ne a nan: AF zuwa hagu, FG zuwa dama, BF zuwa sama. Babu nauyi a kanta. A kwance, AF na ja hagu da 6, dole FG ya ja dama da 6. A tsaye kuwa babu komai sai BF shi kaɗai. Da BF na ja, da F ta tashi sama. Da yana turawa, da ta nutse ƙasa, domin babu abokin da zai karɓe masa. F ba ta motsa ba, saboda haka ƙarfin BF sifili ne. Za mu dawo kansa.

B ta fi wuya kaɗan. Katakai huɗu ne, amma an san AB, an san BF, saura BC da BG. A irin wannan wuri ɗalibai kan ɗauka kowane katakon da ba a sani ba ana jan sa ne, su zana kibiyarsa tana fita daga mahaɗa, idan amsa ta zo da alamar ɗebewa sai a gane dannawa ce. A nan muna iya hangowa duka biyun dannawa ce. A kwance, AB na tura B dama, BC da BG na tura ta hagu, kuma duk ukun gangararsu ɗaya, don haka BC + BG = 7.5. A tsaye, AB na tura sama da 4.5, BG na tura sama da kashi 0.6 nasa, BC na danna ƙasa da kashi 0.6 nasa, ga kuma nauyin 3. Da an gyara wannan sai ya zama BC − BG = 2.5. Lambobi biyu da jimlarsu 7.5 ce, bambancinsu 2.5, su ne 5 da 2.5. Rafta na sama BC na cikin dannawar kN 5, tokara BG na cikin dannawar kN 2.5. A lura rafta ya fi shan wahala a ƙasa kusa da bango fiye da sama.

A ƙololuwa C, rafta biyu na tura sama, kowanne da 0.6 na 5, wato 3, jimla 6. Nauyin da ke kanta 3 ne. Saura 3, kuma kin-fos CG ne kaɗai zai iya janyo shi ƙasa. Kin-fos ke nan ja yake sha, kN 3. Wannan yakan ba mutane mamaki, har da wasu da suka daɗe suna aikin rufi, domin a ido ya yi kama da ginshiƙin da ke tsaye a kan tayi-bim yana tallafe ƙololuwa. A gaskiya rataye yake daga ƙololuwa, shi ke ɗaga tsakiyar tayi-bim. Abin da hakan ke nufi a wurin aiki shi ne, haɗinsa na ƙasa ba a ɗora shi kawai a soka ƙusa daga ƙasa, wadda ja zai zare ta. Yana son faranti ko katakon manne a gefe biyu da ƙusoshi ko noti da suka ratsa.

Gefen dama madubin na hagu ne, ba sai an sake ba. Mahaɗa G da ta rage kuwa ita ce ta gwaji. Kin-fos na jan ta sama da 3. Tokara biyu na danna ta ƙasa, kowace da 0.6 na 2.5, wato 1.5, jimla 3. A kwance, FG da GH sun kashe juna, tokara biyun ma haka. Komai ya rufe. Idan mahaɗar ƙarshe ta ƙi rufewa, akwai kuskure a baya, kuma yawanci ɗayan uku ne: an musanya 0.6 da 0.8, ko an manta nauyin 1.5 da ke kan bango, ko an juya kibiyar wani katako wajen wucewa daga mahaɗa zuwa mahaɗa. Katakon da ake dannawa yana tura mahaɗansa duka biyu, wanda ake ja yana janyo su duka biyu.

Katakon da ba ya ɗauke da komai

Gogaggen mai lissafi yakan fara da neman katakan sifili kafin ya taɓa lamba, domin suna rage masa aiki. Alamu biyu ake dubawa. Ta farko ita ce wadda muka gani a F: katakai uku sun haɗu, biyu a kan layi ɗaya miƙe, babu nauyi babu bango a mahaɗar, to na ukun sifili ne, ko a tsaye yake ko a karkace. Ta biyu ita ce inda katakai biyu kacal suka haɗu a kusurwa, babu nauyi babu tallafi, to duka biyun sifili ne, domin babu wanda zai iya karɓe ƙarfin ɗan'uwansa. Irin wannan yakan fito a bakin 'yar alwatikar da ta leƙo waje bayan bango, idan ba a ɗora mata komai ba.

Abin yana kuma yaɗuwa. A ce a tiros ɗinmu an cire duk nauyi sai na ƙololuwa. BF sifili ne kamar da. A rufe shi da yatsa a dubi B: yanzu katakai uku suka rage, AB da BC a layi ɗaya, babu nauyi, don haka BG ma sifili. Haka DH da DG a dama. A rufe su duka a dubi G: FG da GH a layi ɗaya, saura CG shi kaɗai, shi ma sifili. Katakai biyar na ciki duk sun zauna, babbar alwatika ta waje ce kawai ke aiki.

A nan ne haɗarin yake, domin wanda ya ji rabin wannan bayani zai iya cewa a cire su a rage kuɗin katako. Sifilin nan ba halin katakon ba ne, halin nauyin da aka lissafa ne. A rataya silin a tayi-bim, rabon F ya zama kN 1, nan take BF ya shiga ja na kN 1, ya kai nauyin sama zuwa B. Ko a ce nauyi ya sauka a gefen hagu kawai, kamar lokacin da ma'aikata suka tara bandir ɗin kwano a gefe ɗaya: BG na aiki, DG na hutawa. Gobe su koma ɗaya gefen, su biyun su yi musanya.

Akwai kuma aikin da katakon sifili ke yi wanda wannan lissafi ba ya nunawa. Dogon katako siriri da ake dannawa ba murƙushewa yake yi ba, lanƙwasawa yake yi gefe farat ɗaya. A danna dogon karan dawa da tafin hannu, zai gantsare da ɗan ƙarfi kaɗan; wani ya riƙe tsakiyarsa da yatsa biyu, sai ya ƙi, alhali yatsun ba su ɗauki nauyin ba. Leonhard Euler ya fitar da ƙa'idar wannan a 1744: idan tsawon da ba a tokare ba ya ninka biyu, nauyin da zai lanƙwasa sandar ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Raftanmu mita 5 ne, tokarar da ke B ta mayar da shi gida biyu na mita 2.5. A cire ta, ƙarfinsa na jure lanƙwasa ta wannan fuskar ya ragu zuwa rubu'i, ko da a takarda an rubuta mata sifili. Ta ɗaya fuskar kuma, wato zuwa gefen tiros na kusa, katakan kwance da ake buga kwano a kansu ne ke riƙe shi.

Iska ita ce ke birkita lissafin gaba ɗaya. Guguwar farkon damina da ke yaye rufi a garuruwanmu ba danna kwano take yi ba, tsotsar sa take yi sama, kuma rufin kwano ba shi da nauyin da zai rinjaye ta. Idan ɗagawar ta fi nauyin, alamomi sun juya: rafta ya shiga ja, tayi-bim ya shiga dannawa, bango kuma maimakon ya tura sama sai ya zama dole ya riƙe tiros ƙasa. Shi ya sa ake ɗaure gindin tiros da langa-langa ko rodi da aka binne a cikin kankare, shi ya sa kuma dogon tayi-bim ke bukatar katakan da suka ratsa daga tiros zuwa tiros su hana shi gantsarewa gefe. Injiniya yakan maimaita bin mahaɗan nan sau da yawa, kowane yanayin nauyi da nasa zagaye, sannan ya zaɓi girman kowane katako bisa mafi munin abin da ya same shi.

Inda lambobin ke cizo a wurin aiki

Yanzu ana yayin rufi mai kwanciya, wanda ake ɓoyewa bayan bangon da aka ɗaga. A mayar da tsayin tiros ɗinmu mita 1.5 maimakon 3, nauyi na nan yadda yake. A mahaɗa A har yanzu 4.5 ne za a danne, amma rafta ya kwanta, ɗan kaso ne na ƙarfinsa ke aiki a tsaye. Jan tayi-bim ya zama 4.5 sau 4 a raba da 1.5, wato kN 12, ninki biyu na da. Dannawar rafta ta tashi daga 7.5 zuwa kusan 12.8. Wanda ya rage tsayin rufi ya bar girman katako da yawan ƙusa yadda suke ya ninka wa haɗin gindi aiki bai sani ba.

Haɗin gindin, wato A da E, nan ne ya fi cancanta a tsaya a duba, domin duk turin rafta ta nan yake shiga tayi-bim. Ƙusa biyu ko uku da aka soka a karkace ba su isa su wuce da kN 6 ba. Wuri na biyu shi ne inda aka jona tayi-bim. Katakon kasuwa yawanci ƙafa 12 ne, kusan mita 3.6, saboda haka faɗin mita 8 sai da jonawa, kuma kowace jonawa tana ɗauke da cikakken jan nan. Idan waɗannan wurare suka fara sakewa, alamun sukan bayyana a jere: ƙololuwar rufi ta yi sirdi a tsakiya, silin ya sauko, tsaga ta fito a saman bango kusa da inda tiros ya zauna, wani lokaci a ga bangon ya ɗan karkata waje. Ya kamata kuma layukan tsakiyar katakan su haɗu a wuri ɗaya a kowace mahaɗa, kuma A ta zauna a kan bango daidai. Idan rafta ya sauka a kan tayi-bim nesa da bangon, ragowar tazarar tana lanƙwasa katakon, abin da lissafinmu bai tanada ba.

Tankin ruwa a cikin rufi shi ne misalin da ya fi yawa na nauyin da ake ƙarawa bayan an gama gini. Lita 500 na ruwa kilo 500 ne, kusan kN 5. A ce duk nauyinsa ya sauka a kan tiros ɗaya, daidai kan G. Kowane bango ya ƙara 2.5. Rafta AB ya tashi daga 7.5 zuwa kusan 11.7, tayi-bim daga 6 zuwa kusan 9.3, kin-fos daga 3 zuwa 8, tokara BG da DG kuwa ba su canza ba. Kin-fos ne ya fi shan ƙarin, kuma haɗinsa ne za a fara dubawa. Idan kuma aka ɗora tankin tsakanin F da G, inda babu mahaɗa, tayi-bim zai ɗauki lanƙwasa a kan jan da yake sha, kuma wannan sai an yi masa lissafi na daban kafin a buɗe famfo a cika tankin.